JAWABIN KANSILA A KAN TSOFAFFIN RUMFUNAN KASUWA

Mun sha zama a wurin bukin buɗe gine-gine, kuma mun san yadda jawabin irin wannan rana ya saba tafiya. Mai magana ya gai da manya, ya gode wa hukuma, ya yaba wa kakanni, a yi tafi, a watse. Saboda haka da aka kira mu wani ƙaramin garin kasuwa a nan ƙasar Jega, don mu ga nunin da aka shirya game da waɗansu tsofaffin rumfunan ƙasa 12 da aka gyara, ba mu tafi da tsammanin jin wani sabon abu ba. Amma kansilan mazaɓar ya yi maganar da ta sa muka ciro alƙalami, kuma muna ganin ya kamata malaman ofis da malaman makaranta su ji ta, gama rabinta da su ya ke.

An yi nunin a aji biyu na makarantar firamare da ke daf da kasuwar. A aji na farko an jera hotunan rumfunan, kowace da hotonta kafin gyara da na bayan gyara. A na biyu an ɗora kayan aikin kansu a bisa tebura: tubali guda, da guntun azara lafiyayya kusa da wadda ta ruɓe, da kwaryar makuba, da indararo, da wani ɓallin siminti mai fāɗin faifai wanda aka ɓamɓaro daga jikin bango. Da muka ga ɓallin nan muka ce a ranmu, me ya kawo shara wurin nuni? Ashe shi ne kan maganar.

Da kansila ya gai da hakimi da sauran manya, sai ya ɗauki ɓallin ya ɗaga sama, ya juya bayansa don jama'a su gani. Ƙasar bango ta manne masa, kauri wajen yatsa biyu. Ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan shi ne gyaran da muka yi wa rumfunan nan a dā. Da kuɗinmu muka saye shi, da hannunmu muka shafa, kuma shi ya kusa kā da su.”

Abin da ya bayyana daga nan sanannen abu ne ga magina, amma mu masu takarda ba kasafai mu kan san shi ba. Bangon ƙasa yana shan laima daga ƙasan da ya ke tsaye a kai, da kuma feshin ruwan sama, sa'an nan ya fitar da ita ta jikinsa idan rana ta fito. Muddin yana samun shan iska, ya jiƙe ya bushe, ba abin da zai same shi. To, siminti ba ya barin laimar ta fita da sauƙi. Bayan wannan kuma, ƙasa da siminti ba su miƙewa su tsuke daidai da juna cikin zafi da sanyi, don haka ba a daɗewa sai shafen ya tsage. Ruwa ya bi tsagar ya shiga, ya rasa hanyar fita, ya zauna yana narkar da bango a ɓoye, alhali kuwa daga waje mutum yana ganin gini sumul. Hanyar ganewa ba ta da wuya. Ka ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa. In ka ji ya amsa kamar ganga, shafen ya rabu da ƙasa, akwai kogo a baya.

Ya ƙara da wani abu wanda ya shafi kasuwa ita kaɗai. A cikin rumfunan 12, waɗanda gindinsu ya fi ciwuwa su ne na masu sayar da gishiri da kanwa. Buhunan da a ke jingina wa bango shekara da shekaru sun ba ƙasar gishiri, laima ta ja shi ciki, in ta bushe sai ya tsattsafo fari-fari yana marmashe fuskar bango. Wanda ya ga farin ƙura kamar gari a gindin gini, daga ƙasa zuwa wajen gwiwa, ya san abin da ke cin sa. Irin wannan ba a rufe shi da sabon yaɓe. Sai an kankare ƙasar da ta sha gishiri an zubar da ita nesa, an cike gurbin da sabon tubali kaɗan-kaɗan, ana barin kowane sashe ya bushe, sa'an nan a yi dakali a ɗora buhuna a kai, kada su sake taɓa bango.

YADDA AKA GYARA RUMFA ƊAYA

Kansila bai tsaya lissafa rumfunan duka ba. Ɗaya ya ɗauka, ta wani mai sayar da goro, ya bi ta daga rufi har gindi, kuma bayan an tashi mun je mun auna ta da kanmu tare da maginin da ya yi aikin. Fāɗinta daga ciki ƙafa 6 ne, tsawonta ƙafa 12. Ba don rowa aka yi ta siririya haka ba. Azara, watau itacen giginya da aka tsaga, gara ba ta cin ta da sauƙi, kuma tana daɗewa ƙwarai, amma in an ɗora mata ƙasa ba ta iya tsallake abin da ya wuce ƙafa 6 da ɗan kai ba tare da ta lanƙwasa ba. Mai son ɗaki ya fi haka fāɗi sai ya nemi dabara, ko ya fito da gajerun azaru daga bango su tallafi na sama, ko ya kafa ginshiƙi, ko kuwa ya yi bakan gizo irin wanda Babban Gwani ya yi a masallacin Juma'a na Zariya. Ɗan kasuwa ba ya bukatar wannan ɗawainiya, shi ya sa tsofaffin rumfunan ƙasa su ke zuwa a jere, ƙanana, bango ɗaya yana raba biyu.

Rufin rumfar mai goro ya yi ciki a tsakiya, ruwa yana kwana a kai. Da aka buɗe sai aka tarar ƙasar da ke bisa azara ta kusa kai ƙafa guda, alhali inci 6 ya isa. Dalili kuwa, duk shekarar da rufin ya yi yoyo sai a hau a ƙara masa ƙasa, ba wanda ya taɓa kankare ta dā. Ga lissafin da za mu so malamai su ba 'yan aji shida. Rufi mai ƙafa 6 sau 12, da ƙasa mai kaurin inci 6, ya ɗauki ƙasa wajen kubik mita ɗaya, nauyinta kuwa ya kai kilo 1,700, kimanin buhun siminti 34. In ana ƙara inci guda kowace shekara, cikin shekara 6 nauyin ya ninka. Ga shi kuma jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya nauyi, don haka rufi ya kan fāɗi ne tsakiyar damina, sa'ad da ba a iya gyara shi.

Magini ya sauke ƙasar duka, ya ciro azarun ɗaya ɗaya yana duba kawunansu, domin kan da ke binne cikin bango shi ne ke fara ruɓewa, ko da tsakiyar tana nan garau. Waɗanda suka tsira ya mai da su wurinsu, waɗanda suka mutu ya sake su. Ya shimfiɗa asabari a kai don kada ƙasa ta zubo ta tsakani, ya zuba sabuwar ƙasa da aka cuɗa da ciyawa aka bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, ya karkatar da ita zuwa gefe guda yadda ruwa zai gangara wajen indararo. A nan ne ya nuna mana abin da ya ce ya fi kashe gini a ƙasar nan, watau gajeren indararo. In bakinsa bai yi nisa da bango ba, ruwan rufi duka sai ya zubo a gindin ginin, ya haƙa rami, ya yi ta fantsama. Ya sa dogo, ya kuma jera duwatsu inda ruwan ke sauka, ya ja ƙaramin lambatu ya fitar da shi bayan kasuwa.

Daga ƙarshe aka zo shafe. Na gargajiya iri biyu ne da aka fi sani. Akwai makuba, wadda a ke samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, a jiƙa a cuɗa ƙasa da ruwanta, ta ba bango launi ja-ja mai duhu, ta kuma sa ruwa ya riƙa zamewa. Tana da araha, amma ba ta wuce 'yan shekaru kaɗan sai an sabunta. Akwai kuma laso, wanda a ke haɗawa da katsi na rijiyar marina, da gashin jima, da ruwan dafara. Shi ya fi ƙarko, shi ne simintin mutanen dā, da shi a ke shafe rufi da cikin rijiyar rini kanta. Sai dai laso yana bin marina ne. Inda aka daina rini, katsi ya ɓace. Da makuba aka gama rumfunan nan, kuma kansila bai ɓoye ba, ya ce wannan yana nufin ba a gama aiki ba ke nan, kuma ba ranar da za a gama.

INDA MUKA SAƁA DA SHI

Wuri ɗaya mai jawabi ya bar zafin magana ya ɗebe shi, ya ce rumfunan nan sun ga fataken Gwanja tun zamanin jihadi. Ba mu yarda da wannan ba, kuma tun da yara 'yan makaranta suna wurin suna rubutawa, ya wajaba mu gyara.

Kasuwanci a ƙasar nan tsoho ne, babu gardama. Buhari ɗan Malam Abdussalami ne ya kafa Jega bayan rasuwar mahaifinsa cikin 1818, kuma garin, da ya ke a bakin gulbin Zamfara, bai daɗe ba ya zama babbar kasuwar ƙasar Gwandu, mazaunin fatake masu bin hanyar Gwanja neman goro. Har yau mutanen Birnin Malam, da Aliero, da Maiyama, can su ke kai kayansu. Amma tsufan kasuwa dabam, tsufan gininta dabam. Kasuwannin dā yawancinsu rumfunan kara da zana ne, waɗanda a ke sakewa kusan kowace shekara. Jerin rumfunan ƙasa masu tsawo ɗaya da fāɗi ɗaya, a miƙe kamar an ja zare, wannan hannun En'e ne, wadda ke son ta ƙidaya rumfa ta karɓi kuɗinta. Wani dattijo cikin 'yan kasuwar ya gaya mana mahaifinsa ya ga ana gina waɗannan, da ma'aikacin En'e a tsaye yana awo.

Dubi kasuwar Kurmi ta Kano, wadda ba ta da tsara a ƙasar Hausa wajen suna. Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Kilafatan ya zaga ta cikin 1824, Barth kuma, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya gan ta cikin 1851, dukansu sun rubuta labarinta. Duk da haka ba rumfunan da suka gani ne ke tsaye yau ba. A farkon zamanin Turawa, wajen 1904, aka rushe ta aka sake tsara ta da rumfunan ƙasa a jere, aka kuma sake taɓa ta bayan samun 'yancin kai, bulo da kwano suna ta shigowa. Abin da ya shekara fiye da 500 a Kurmi shi ne wurin, da sunan, da yadda kowace sana'a ta ke da layinta. In haka Kurmi ta ke, ba abin kunya ba ne ƙaramar kasuwarmu ta ce rumfunanta na zamanin En'e ne. Ginin ƙasa da ya ga kakan mutum yana saurayi ya isa a kula da shi, ba sai an ara masa shekarun da ba nasa ba.

Masana gyaran tsofaffin gine-gine sun yi taro a birnin Banis na ƙasar Italiya cikin 1964, suka tsai da ƙa'idodin da har yanzu a ke bi. Biyu daga ciki sun shafe mu. Na ɗaya, mai gyara ya tsaya inda saninsa ya tsaya, kada ya ƙaga abin da ya ke zaton ya kamata a ce akwai. Na biyu, abin da aka sabunta ya zama mai dubawa zai iya bambanta shi da na asali. A kan na farko an ɗan yi tuntuɓe, gama an kafa wa rumfar da ke bakin hanya zankwaye huɗu don ta yi kyau a hoto, alhali hoton kafin gyara, wanda ke rataye a ajin, ya nuna ba ta taɓa samun ko ɗaya ba. A kan na biyu kuwa magini ya kyauta, ko da ya ke bai taɓa jin labarin taron Banis ba: duk azarar da ya sake ya yi mata tsaga biyu da gizago a gefe, don wanda zai buɗe rufin bayansa ya san wadda ta tsufa da wadda ba ta tsufa ba.

ABIN DA 'YAN KASUWA SUKA CE

Kada mai karatu ya ɗauka kowa ya yi murna. Kansila da kansa ya faɗi cewa waɗansu masu rumfa sun so a rushe a yi musu bulo da kwano, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Ɓarawo yana iya huda bangon ƙasa da dare. Ba a ɗora wa rumfar ƙasa bene cikin sauƙi, ga fili yana ƙara tsada. Giginya ta yi ƙaranci, kuma itace ne mai jinkirin girma, wanda ya shuka ba safai ya kan ci azararsa ba. Magina masu sanin aikin suna tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo.

Wanda ya rinjayi gardamar shi ne mai goron. Goro ba ya son zafi. In ya sha rana ko ya kwana ƙarƙashin kwano mai zafi sai ya bushe ya yanƙwane, kuɗinsa ya faɗi. Kaurin bangon ƙasa da rufinsa suna jinkirta zafin rana, kafin ya ratso ciki yamma ta yi. Masu albasa ma sun san irin wannan magana, ko da ya ke su iska suka fi bukata. Aka daidaita a kan a sa wa kowace rumfa ƙofar ƙarfe, da madogarar katako mai kauri don kada ƙarfen ya ci bango. Mai tsananin son gargajiya zai ce ƙofar ta ɓata fuskar gini. Mu dai mun gwammace rumfa mai ƙofar ƙarfe da mutum a ciki bisa ga mai ƙofar asali wadda aka kulle don 'yan kallo, domin wanda ke kwana da kayansa ƙarƙashin rufi shi ne ke fara ganin ɗigon ruwa.

ABIN DA YA ROƘA

A ƙarshen jawabinsa kansila ya juyo wajen ma'aikatan ƙaramar hukuma da ke zaune a layi na biyu. Ya tuna musu cewa tsarin mulkin 1999 ya ɗora kafa kasuwanni da kula da su a wuyan ƙananan hukumomi, kamar yadda ya ke a wuyan En'e a dā. Ya ce kuɗin gyaran nan 'yan kasuwa ne suka tara yawancinsa, kuma ba za su iya sake tara irinsa nan kusa ba. Abin da ya ke nema ƙarami ne: a ware kashi ɗaya cikin goma na kuɗin hayar rumfunan, a ba shi layinsa dabam cikin kasafin shekara da sunan yaɓe da indararo, a kuma fitar da shi cikin watan Maris ko Afrilu, kafin ruwan farko.

Maganar wata ita ce ta fi kama mu, domin mun yi aikin ofis mun san inda a ke faɗuwa. Takardar neman kuɗin gyara ta kan shigo ne bayan rufi ya fara yoyo, watau cikin Yuli, ta zaga tebur uku, kuɗi su fito cikin Satumba. A lokacin ƙasa ba ta bushewa, makuba ba ta kamawa, abin da kwando goma na ƙasa zai tare a bazara ya zama azara goma. Mun taɓa ganin ajin makaranta na ƙasa ya zube ta wannan hanya, takardar gyaransa tana cikin fayil an sa mata hannu. Malamin ofis kuma ya fi son rubuta sabon gini bisa ga gyara, gama sabon gini yana da ranar buɗewa, yaɓe kuwa ba mai yi masa buki.

Ya kawo misalin garuruwan da suka gane wannan. A Jenne ta ƙasar Mali, duk shekara mutanen gari kan fito kwansu da kwarkwata su yaɓe babban masallacinsu a yini guda. A Agadas, wadda hukumar UNESCO ta sa tsohon garinta cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, hasumiyar masallaci mai tsawon mita 27 ta ƙasa ce, kuma itatuwan da suka fiffito a jikinta su ne matakan magina idan lokacin yaɓe ya zo. Maginan da suka yi ta sun san za a riƙa hawa, sun bar wa na baya wurin sa ƙafa.

Ga malaman makaranta kuwa ya roƙi abu ɗaya, kuma hedimasta ya amsa a nan take. Bayan ruwan farko mai ƙarfi, 'yan aji shida za su zaga rumfunan 12 da littafi guda, su rubuta abu uku game da kowace: ko indararonta yana zubarwa nesa da bango, ko ruwa ya kwana a gindinta, ko akwai sabuwar tsaga. Inda aka ga tsaga sai a ja layi da alli a ƙarshenta a rubuta kwanan wata, a dawo bayan mako biyu a ga ko ta wuce layin. Wadda ta tsaya ta yaɓe ce. Wadda ta ci gaba, a kira magini.

An ba sarkin kasuwa littafin ya ajiye. Kuɗin kashi ɗaya cikin goma kuwa, an ce za a kai maganar gaban majalisa a zamanta na gaba, kuma kansila ya yi alkawarin zai tafi da ɓallin simintin a cikin jakarsa.